Halliru na Takarda

Saura kwana goma sha ɗaya takardata ta mutu Malam Abu ya sauka daga motar Ƙaura, da jakar fata a hammata. Shi ne sufeton kamfanin inshora da nike wa wakilci, mutumin Kano, kuma bai taɓa zuwa Isa da ƙafarshi ba sai da dalili. Ina zaune rumfata ta bakin tasha, ƙarƙashin allon da anka rubuta HALLIRU IBRAHIMA, WAKILIN INSHORA. Munka gaisa, na aika a kawo mishi fura, ya ce a bari tukun.

Ga aikin da nike yi. Tun da gwamnati ta kafa doka cewa babu motar da za ta hau hanya sai da inshorar da za ta biya diyya in ta taka mutum, direbobin gyaɗa na Sabon Birni da Isa sai sun tahi Gusau ko Kano neman takarda. Ni lokacin ina kamasho a tasha, kuma na iya karatun boko gwargwado, aji huɗu na yi. Kamfani ya nemi wakili, na kai satifiket ɗina, anka kira ni Kano kwas na mako uku. Can anka koya muna yadda ake cika fom, inda ake samun lambar inji da lambar shasi, da yadda ake rubuta takardar wucin gadi ta kwana talatin kafin babbar ta iso. Abu biyu Baturen kwas ɗin ya yi ta maimaitawa har munka gaji: kada ka rubuta wa motar da ba ka gani da idonka ba, kuma kada ka sa kwanan watan jiya a takardar yau, ko ubanka ne ya roƙa. Munka yi jarrabawa, na ci, anka ba ni takardar wakilci ta shekara ɗaya. Kowane ƙarshen Maris tana mutuwa. Kafin nan sai na maida littattafan da na cika da kwafin kabon ɗinsu, da wasiƙar hakimi cewa halina bai canza ba, da sa hannun mutum biyu masu tsaya mini. Shekara biyar ina haka ba a taɓa maido mini da takarda ɗaya ba.

Bana sai anka ƙara abu. Wani wakili can kudu ya buga takardun ƙarya, kamfani ya tsorata, ya ce kowane wakili sai an bincike shi wajen 'yan sanda. Na rubuta sunana da na uba da na gari na aika, ban sa komai a rai ba.

Malam Abu ya buɗe jaka ya miƙo mini takarda.

"Karanta da kanka, Malam Halliru. Ni bakina ya yi nauyi."

Turanci ne, amma gajere. Halliru ɗan Ibrahima, mutumin ƙauye kaza a ƙasar Isa, majistare ya ɗaure shi wata shida a Sakkwato cikin 1954, kan shigo da turare da atamfar Faransa ta daji ba tare da kwastan ba.

"Ba ni ba ne," na ce.

"Na sani. Na zauna na duba kabon ɗinka na watannin nan shida, kowane mako akwai hannunka. To amma manaja ya ce ɗayan biyu ne. Ko kana kurkuku wani na rubutu da sunanka, wanda ya hi ɗaurin muni. Ko kuwa akwai Halliru biyu, uba ɗaya, gari ɗaya. Kai ka taɓa ganin uban da ya raɗa wa 'ya'yanshi biyu Halliru?"

Na naɗe takardar na miƙa mishi.

"Maganin abin mai sauƙi ne," in ji shi. "Ka tahi Sakkwato su ɗauki yatsunka goma, su gwada da na wancan, za su ga ba ɗaya ba ne. Sa'an nan ka rantse gaban alƙali a rubuce: sunanka, sunan mahaihinka, ba ka taɓa amsa wani suna ba, kuma ga ko wane ne wancan. In takardun nan ba su isa Kano kafin talatin da ɗaya ga wata ba, ni za a turo in karɓi littafi in cire allo."

Ya sha furar a ƙarshe, ya ce za shi kwana uku a Sabon Birni duba wata mota da ta faɗa gulbi, in ya komo shina son amsa.

Sunana Labbo. Ubana Bawa, baran gidan Magaji Ibrahima ne, dagacin ƙauyenmu, kamar yadda ubanshi ya kasance baran uban Magaji. Ƙauyen gabas da Kamarawa yake, ba ni faɗin sunanshi. Ina da shekara tara Di'o, Baturen mulki, ya aiko cewa kowane dagaci ya ba da ɗanshi na cikinshi a kai elemantare. Magaji ya ce ɗanshi Halliru ya yi nisa a allo, ba shi miƙa shi ga Nasara. Anka yi mini aski, anka sa mini rigar Halliru, anka ɗora ni bisa jaki. A hanya ubana ya ce, "In an ce Halliru, ka ce na'am." Shi ke nan abin da ya ce. Ba mu kaɗai munka yi haka ba. A ajinmu, cikin 'ya'yan dagatai bakwai, biyu kaɗai ne na gaske, kuma malam ya sani.

Kowa ya sani. Hakimi ya sani, liman ya sani, matata Tani ta sani. A gida ni Labbo ne, a tasha Malam Halliru, masu tsokana su ce Halliru na takarda. Shekara talatin ba wanda abin ya dama, don ba a taɓa tambaya a rubuce ba.

Na rufe rumfa na shiga gida. Tani tana tankaɗe, na faɗa mata duka.

"To ka tahi ka faɗi gaskiya mana, Malam. Kai ka yi sata?"

"In na ce ni Labbo ne, satifiket ɗin makaranta na wa? Na kwas na wa? Labbo bai taɓa shiga aji ba."

"Amma kai ka ci jarrabawar, da kanka."

"Ki tahi Kano ki gaya musu."

"Kuma in ka ce kai ne Halliru?"

"Sai in dafa Alƙur'ani in ce Ibrahima ya haihe ni."

Ta aje rariya. "A'a. Wannan kam a'a. Gara mu koma noma."

"Gonar wa? Wadda nike nomawa ta gidan Magaji ce."

Ta ɗauki rariya ta ci gaba da tankaɗe da ƙarhi kamar garin ne ya yi laihi.

Washegari da sassahe na hau keke na nuhi ƙauye. Zahi ya riga ya sauka, rairayin hanya na cin taya, rabin tahiyar tura keken na yi. Na iske Magaji a zaure bisa buzu, ya tsuhwa ƙwarai, ido ɗaya ya yi hwari. Shi ne na farko cikin masu tsaya mini, kowace shekara shi ke dangwala yatsa a fom ɗina, a gurbin da anka rubuta uba. Na tuɓe takalmi na durƙusa.

"Ranka ya daɗe."

"Labbo ne? Ina Tani? Ina motoci?"

Na ba shi labari. Ya saurara shina jan tasbaha. Da na ƙare na ce abin da nike roƙo ƙarami ne: ya yarda a rubuta wasiƙa cewa ni ne yaron da ya aika makaranta a madadin ɗanshi, ni na yi karatun, satifiket ɗin nawa ne. Da wannan, wataƙila kamfani ya gyara suna.

"A rubuta," ya ce. "In kai wa Di'o a rubuce cewa na yi wa gwamnati ƙarya. Da yatsana."

"Wancan Di'on ya daɗe da komawa ƙasarsu, ranka ya daɗe."

"Takardarshi ba ta koma ba. Bara anka tuɓe dagaci biyu a ƙasar ga kan abin da bai kai wanga ba. Kana so in mutu ba rawani? Kuma in na faɗi nawa, na sauran fa? Kana so a bi gidaje huɗu a tone? Mi munka yi maka, Labbo? Karatun da kake taƙama da shi, wa ya ba ka?"

Na so in ce ba bayarwa ya yi ba, tura ni ya yi inda yake tsoron tura nashi. Ubana bai taɓa ɗaga murya a zauren nan ba, ni ma bakina bai iya ba.

Sai ga dariya daga bakin ƙofa. Halliru ne, na gaske, dogo, da rawanin Buzaye a wuya, yanzu ya komo daga Maraɗi. Tun muna yara takwara yake ce mini.

"Takwara! An ce ɗaurina ya biyo ka har rumfa? To ai daidai ne. Kai ka ci bokona, ka ɗan taɓa kurkukuna."

"Ba abin dariya ba ne."

"Komai abin dariya ne in ka sha kunun gidan yari wata shida." Ya zauna ya miƙe ƙafa gaban ubanshi, abin da ni ko a mafarki ba ni yi. "Baba, ga dabara. Ni in tahi Sakkwato tare da shi. In ce musu ni ne anka ɗaure, ga yatsuna ku gwada. Amma sunana na gaskiya Labbo ɗan Bawa, baran gidan ga. Da anka kama ni na ari sunan ɗan maigidana don a ji nauyina. Shi kuma wanga shi ne Halliru. Sai su goge a can su rubuta a nan. Shi ya samu takardarshi, sunan gidanmu ya hita daga littahin ɓarayi, kai rawaninka na kanka. Ni mi za ni rasawa? Sarauta? Wa za shi naɗa ni? Raƙumana ba su tambayar suna."

Magaji ya daina jan tasbaha. Na ga abin ya shige shi.

"Yaron ga sheɗani ne," ya ce, "amma ya yi magana."

"Sai an rantsar da ni, ranka ya daɗe," na ce. "Da Alƙur'ani."

"Ni na raine ka. Ni na yi maka aure. Ni uba ne gare ka ko ba uba ba?"

"Alƙali mahaihi za shi tambaya."

"Sai ka yi kaffara. Malamai sun san hanyarta."

"Kuma a rubuta Bawa ya haihi ɓarawo."

Halliru ya ce, "Haba takwara, ɗan fasa-ƙwauri dai. Kuma Baba Bawa shekara goma sha biyu cikin ƙasa, Turanci zai karanta?"

Magaji ya ɗaga hannu. "Na gama. In ka bi wagga hanya, ga yatsana, ga wasiƙar hakimi ni za ni karɓo maka. In ka bi waccan, ka nemi wani mai tsaya maka. Kuma ban san ka da wata makaranta ba."

Na yi kwana biyu ina juya abin. Na tahi wajen hedimasta, ya ciro tsohon rajista daga akwati, gara ta ci gehenshi. Ga shi nan, shekarar 1928, Halliru ɗan Magaji Ibrahima. Na ce ko zai iya rubuta cewa ni ne. Ya ce shi lokacin bai ko shiga aji ɗaya ba, malamin da ya koya muna ya rasu, shi abin da ke cikin littafi kaɗai zai iya shaidawa. Na tahi wajen mutum biyu da munka yi aji tare, su ma 'yan madadi. Ɗaya malamin asibiti ne yanzu, ɗaya shina aikin gandun daji. Na farko ya ce bai gane maganata ba. Na biyu ya ja ni bayan ɗaki ya ce don Allah in rufa mishi asiri, saura shekara shida ya yi fansho da sunan da yake amsawa.

Da Malam Abu ya komo na ce mu tahi Sakkwato. Halliru ya biyo mu, shina ta ba direba labarin Faransawa. A ofishin 'yan sanda anka shafa mini baƙin tawada, yatsa goma, ɗaya bayan ɗaya, Halliru ma haka. Sajan ya ce za a aika Ikko a gwada, amma su za su riƙe maganar Halliru ta cewa shi ne Labbo sai takardar rantsuwata ta zo, don su san wanda za su rubuta wa wane suna. Komai ya rataya a bakina ke nan. Munka komo Isa saura kwana huɗu.

Alƙalin Isa ya san ni tun ina ɗaukar wa Magaji buta. Da munka shiga, ni da Malam Abu da Halliru da wakilin Magaji, ya ɗago kai ya ce, "A'a, Labbo, kwana biyu. Ina gida?"

Malam Abu ya dube ni. Muhuti, mai rubuta wa alƙali, ya sunkuyar da kai bisa takarda. Halliru ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Lahiya lau, Allah gafarta malam."

Malam Abu ya bayyana abin da kamfani ke so. Alƙali ya saurara, fuskarshi ta canza. Ya ce in hita in yi alwala. Na yi, na daɗe a kan wankin ƙafa. Da na komo an aza Alƙur'ani cikin gafakarshi bisa buzu.

"Kafin ka taɓa," in ji alƙali, "ni ba ni hana mutum rantsuwa, ba ni kuma sa shi. Abin da ka faɗa shi muhuti zai rubuta, shi za ni sa wa hatimi. Ka ji?"

"Na ji."

"Aza hannu. Mine ne sunanka, wane ne mahaihinka?"

Fatar gafakar ta yi ɗumi. Na riga na shirya maganar tun a hanya, kalma huɗu ce, na maimaita ta ya hi sau ɗari. Shekara talatin ina amsa sunan nan, na sa hannu da shi a takarda dubu. Wakilin Magaji ya gyara zama. Ba wani tunani mai tsawo na yi ba. Jakin nan kawai na tuna, da ubana shina tahiya a ƙasa riƙe da igiya, bai ko dube ni ba.

"Labbo," na ce. "Ɗan Bawa."

Ba wanda ya yi motsi sai alƙalamin muhuti.

"Ka taɓa amsa wani suna?"

"Na amsa Halliru ɗan Ibrahima, tun ranar da anka kai ni makaranta."

"Wa ya sa ka?"

"Ubana ya ce in amsa."

Gaskiya ce, kuma iyakarta ke nan da na faɗa. Alƙali ya dube ni ya daɗe, bai ƙara tambaya ba. Wakilin Magaji ya tashi ya hita ba sallama. A waje Halliru ya dahe mini kafaɗa.

"Kai dai jaki ne, takwara. Na ba ka sunana kyauta har abada ka ƙi." Ya saki kafaɗata. "To yanzu mi za ni ce maka? Labbo? Bakina bai saba ba."

Malam Abu ya karanta takardar sau biyu a ƙarƙashin itacen bedi. Ya ce zai kai ta Kano da hannunshi, zai kuma yi magana, amma kada in sa rai. Ɗaurin ya sauka daga kaina, wannan ya tabbata. Sai dai wakilcin na Halliru Ibrahima ne, kuma na rantse ba ni ne shi ba, don haka ba abin da za a sabunta. Labbo Bawa na iya nema sabo, kamar kowa: satifiket ɗin makaranta da sunanshi, kwas daga farko, wasiƙar hakimi, mutum biyu masu tsayawa.

"Satifiket ɗin fa, ina za ni samo shi?"

"Ban sani ba, Malam..." Ya tsaya. "Ban sani ba. Akwai ajin yaƙi da jahilci, suna ba da takarda. Ko manaja zai karɓe ta, sai na tambaya."

Ajin da ake koya wa tsofaffi a, ba, ca. Ni da na cika fom ɗin Turanci shekara biyar.

Ya ce littahin da ke hannuna in riƙe shi zuwa ƙarshen wata, tunda takardata na da rai har ranar, zai komo biyu ga Afrilu ya karɓa. Cikin kwanakin nan hakimi bai aiko ba, ni ma ban je ba. Daga ƙauye anka aiko wa Tani cewa gonar bakin fadama bana Magaji zai ba wani.

Ran ɗaya ga Afrilu na buɗe rumfa don ban san inda za ni ba. Hantsi ya yi sai ga Gwadabe, direban Sabon Birni, ya tsaida motarshi cike da buhunan gyaɗa na ƙarshen kaka, ya diro shina share zuhwa.

"Malam Halliru, taimake ni. Inshorata ta ƙare, 'yan sanda na tsaye a Shinkahi. Rubuta mini ta kwana talatin in wuce."

"Takardata ta mutu jiya."

"Na ji labari. To sa kwanan jiya mana. Ga littafi nan gabanka, wa zai sani?"

Saura ganye uku a littahin. Motar na gabana, na san lambar injinta da ka, na san ta shasi, na san inda walda ta rufe rabin lamba ta huɗu. Na ɗauki alƙalami na buɗe murhin, kabon na nan a wurinshi.

"Ba a sa kwanan jiya," na ce.

"Haba Malam! In bar gyaɗa a rana in tahi Gusau? Kwana biyu fa ke nan!"

"Ka tahi Gusau."

Ya yi ta faɗa, ya ce shekara biyar shina kawo mini mota, ya ce taurin kaina ne ya kai ni inda nike. Ban musa ba. Da ya gaji ya sa anka ja motar inuwa, ya tsaya bakin hanya jiran wadda za ta Ƙaura.

Na rufe alƙalami, na ɗaure littahin da zare na aje wa Malam Abu. Allon kuwa ban jira shi ba. Na aro guduma wajen maƙeri na cire ƙusoshin huɗu da kaina. Katako ne mai kyau, na juya bayanshi, babu rubutu. Na kai shi gida na jingine a zaure, Tani ta tambaye ni ko ta hasa wuta da shi, na ce ta bar shi nan tukun.